Rasista 47 Ω na saka, amma sakit ɗin ya lafa kamar na 123 Ω

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kafin Alhamis, ranar za mu miƙa rahoton lab. Mun haɗa rasista da indakta da kafasita a jere: L = 10 mH, C = 100 nF, R = 47 Ω. Muka ba shi sigina mai kusurwa huɗu daga janaretan sigina, daga 0 zuwa 2 V, a 200 Hz, muka ɗora osiloskof a kan kafasita. Lissafina ya ce zai yi ta lilo kusan sau bakwai ko takwas kafin ya kwanta. A allo kuwa tudu biyu na gani sosai, na uku da ƙyar, shi ke nan. Tambaya ta biyu a takardar kuma ta ce mu kwatanta sakit ɗin da nauyi a kan sifirin mai shokazoba, mu faɗi abin da kowane ɓangare yake wakilta. Na rubuta L nauyi ne, R shokazoba, C kuma ƙarfin sifirin. Daidai ne?

Mubarik: Wa alaikumus salam. Nafisa ai ba yadda za a yi ya ci gaba da lilo ba tare da taransista ba. Sai kin sa amfilifaya da zai riƙa mayar masa da abin da ya rasa. Nemi zanen Colpitts, shi ne mafi sauƙi.

Nafisa: Ba osileta nake son ginawa ba, Mubarik. So nake ya mutu, amma ya mutu yadda lissafi ya faɗa. Yana mutuwa da wuri ne.

Mubarik: Af, to na fahimta. Bari manya su shigo.

Sulley: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu fara da tambaya ta biyu, don idan ta zauna miki, ta farkon za ki warware ta da kanki. Rubuta dokar Kirchhoff ta boltej a zagayen, amma kada ki rubuta ta da karant, rubuta ta da caji `q`, tunda `i = dq/dt`. Sai ki ajiye dokar Newton a ƙarƙashinta:

```
L·q'' + R·q' + (1/C)·q = v(t)
m·x'' + b·x' +    k·x  = F(t)
```

Dubi su layi da layi. L yana zaune a gurbin m, R a gurbin b, caji a gurbin nisan da nauyin ya gusa, karant a gurbin gudunsa, boltej na janareta a gurbin ƙarfin da ke tura shi. Biyu daga cikin amsoshinki sun yi. Amma dubi na uku da kyau. Abin da ke gurbin k ba C ba ne, `1/C` ne.

Nafisa: Na gani a rubuce, Yaya Sulley, amma hankalina bai kama ba. Babban kafasita ai shi ne mai ƙarfi.

Sulley: Mai ɗaukar kaya da yawa ne, amma ba mai taurin kai ba ne. Sifirin mai tauri, da kin danna shi kaɗan sai ya mayar miki da ƙarfi mai yawa, `F = k·x`. Kafasita kuma da kin zuba masa caji sai ya mayar miki da boltej, `v = q/C`. Idan C ƙarami ne, caji kaɗan zai sa boltej ya yi tsalle ya tare hanya. Wannan shi ne sifirin mai tauri. Idan C babba ne, za ki yi ta zuba caji yana karɓa, boltej na hawa a hankali. Wannan sifirin mai laushi ne.

Kuma ba sai kin yarda da ni ba, allonki zai gaya miki. A inji `ω0 = √(k/m)`, wato tauri yana ƙara saurin lilo. A sakit `ω0 = 1/√(LC)`. Da kayanki, LC ya zama 10⁻⁹, ω0 kusan 31,600 rad/s, wato wajen 5.03 kHz. Ki cire 100 nF ki sa 400 nF, lilon zai sauko zuwa wajen 2.5 kHz. Da a ce C shi ne k, da hawa zai yi.

Basit: Sulley, ban yarda gaba ɗaya ba. A darasin kwantirol da muka yi bara, kafasita shi ne nauyi, indakta shi ne sifirin. Ina da takardar a hannuna yanzu haka. Kuma ya fi shiga hankali: nauyi yana ajiye makamashi `½mv²`, kafasita yana ajiye `½Cv²`, har harafin iri ɗaya ne. Nafisa, kada ki rubuta L nauyi ne.

Nafisa: To yanzu kun ruɗa ni.

Sulley: Basit, abin da ke takardarka gaskiya ne, amma ba na sakit ɗin Nafisa ba ne. Duba zanen da ke gefen wannan jadawalin. R da L da C ɗin a jere suke, ko kowanne yana tsakanin waya biyu iri ɗaya?

Basit: A faralel suke, da tushen karant.

Sulley: To ka gani. Kwatance biyu ne, kuma dukkansu halal ne. Tsohon, wanda aka fi koyarwa a shekara ta biyu, yana ɗaukar ƙarfi a matsayin boltej, gudu a matsayin karant, shi ne yake kai mu ga sakit na jere. Na biyun Floyd Firestone ne ya fito da shi a 1933. Shi ya ɗauki ƙarfi a matsayin karant, gudu a matsayin boltej. A nan nauyi ya zama C, sifirin ya zama indakta mai `L = 1/k`, shokazoba ya zama rasista mai `R = 1/b`, kuma sakit ɗin na faralel ne. Inji ɗaya, sakit biyu. Abin da ba ya halatta shi ne ka ɗauko jadawalin wancan ka ɗora a kan zanen wannan. A na jere, ƙara R yana kashe lilo. A na faralel, ƙara R yana tsawaita shi. Wanda ya cakuɗa su zai samu amsa a juye, kuma lissafinsa ba zai nuna masa ya yi kuskure ba.

Basit: Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina cewa na Firestone ya fi. Dubi ƙafar mota: sifirin da shokazoba gefe da gefe suke, kowanne kansa na jikin bodi, gindinsa na jikin aksil. Faralel ke nan ƙiri-ƙiri. Me zai sa in zana su a jere?

Sulley: Wannan ita ce hujjar Firestone ɗin kansa, kuma hujja ce mai ƙarfi, zanen inji da na sakit suna fitowa siffa ɗaya. Amma ka tambayi kanka abin da ake nufi da jere a lantarki. Ba yadda aka shimfiɗa su a kan allo ba ne. Abin da ake nufi shi ne karant ɗaya ke ratsa su duka, boltej ɗinsu kuma ana tara shi. Yanzu koma ƙafar mota. Tunda sifirin da shokazoba a manne suke da bodi ɗaya, idan bodi ya sauka da wani gudu, dukkansu da wannan gudun suke matsewa. Gudu ɗaya suka raba, ƙarfinsu kuma ana tarawa. Idan gudu shi ne karant, to a jere suke, ko da ido yana ganinsu gefe da gefe.

Ni dai ga wanda yake fara koyo na fi son tsohon, saboda dalili ɗaya. Kowa ya san ba za ka tsayar da mota mai kaya nan take ba. Karant a cikin indakta ma haka ne, ba ya tsalle daga wata daraja zuwa wata. Wanda ya riƙe wannan ba zai taɓa mamakin tartsatsin da ke fita idan aka yanke wutar koyil, wato indakta, ba.

Basit: Boltej a kan kafasita ma ba ya tsalle. Hujjar tana aiki a ɓangarena daidai yadda take aiki a naka.

Sulley: Haka ne, ba musu. Ka riƙe naka, za ka ji daɗinsa idan ka zo kan moto da giya masu yawa. Amma takardar Nafisa ta ce jere.

Rukaya: Ku bar yarinya ta gama rahotonta don Allah. Nafisa, rubuta na jere, ki sa layi ɗaya a ƙasa cewa akwai ɗayan kwatancen. Yanzu ku koma kan lilon da ya ɓace, ni ma shi nake jira. Mu ma bara namu bai yi daidai da lissafi ba, muka rubuta kuskuren awo ne muka wuce.

Sulley: Ba kuskuren awo ba ne, Rukaya, kuma za mu kamo shi. Nafisa, kin ɗauki hoton allon? Ina son abu uku. Tsayin tudu na farko a saman layin 2 V inda siginar take kwanciya, tsayin tudu na biyu a saman wannan layin, da tazarar lokaci tsakaninsu. Kula, daga layin 2 V za ki auna, ba daga sifili ba.

Nafisa: Na farko ya kai 3.04 V, wato 1.04 a sama. Na biyu 2.30 V, wato 0.30. Tsakaninsu kamar 202 µs.

Sulley: Madalla. Fara da lokacin. 202 µs ya ba da wajen 4.95 kHz, kusa da 5.03 kHz da muka lissafa, ɗan ƙasa kaɗan kamar yadda ya kamata idan akwai damfin, wato abin da ke kashe lilo. Wannan ya gaya mana L da C ɗinki lafiya suke, ba ki ɗauko kafasita mara daidai ba. Nauyi da sifirin suna nan yadda aka faɗa. Matsalar a shokazoba take.

Yanzu ga abin da kika zata. Juriyar da za ta hana lilo gaba ɗaya ita ce `2√(L/C)`. L/C ya zama 100,000, tushensa 316, sau biyu 632 Ω. Rabon damfin `ζ` shi ne R ɗinki a kan wannan, 47/632, wajen 0.074. Da wannan, kowane tudu zai zama kusan kashi 63 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Shi ya sa kika sa ran lilo mai yawa.

Abin da allo ya nuna kuwa 0.30 a kan 1.04 ne, kashi 29 kawai. Mu juya lissafin baya:

```
δ = ln(1.04/0.30) = 1.24
ζ = δ/√(4π² + δ²) = 0.194
R = 0.194 × 632 ≈ 123 Ω
```

Sakit ɗin yana gaya miki cewa juriyar da ke cikin zagayen 123 Ω ce. Ke kin sa 47. Saura 76 suna nan a wani wuri da karant ke bi. Bi hanyar karant ɗin da yatsa, tun daga inda ya fito har inda ya koma, ki gaya mini abin da ya ratsa.

Nafisa: Ya fito daga janareta, ya bi rasista, ya bi koyil, ya shiga kafasita, ya koma janareta. Koyil ɗin waya ce doguwa, tana da tata juriyar. Amma 76 a koyil kaɗai?

Sulley: Koyil na da rabonsa, za ki auna shi da multimita. Amma kin ambaci wani abu sau biyu kika wuce. Dubi bakin janaretan, inda kika soka kebul. Me aka rubuta a gefensa?

Nafisa: A hoton ina ganin `50 Ω`. Wallahi na ɗauka yana nufin irin kebul ɗin da za a sa ne.

Sulley: Yana nufin a cikin akwatin akwai juriya 50 Ω a jere da siginar. Kusan duk janaretan lab haka suke. Zanen takarda yana nuna tushen boltej tsantsa, amma na kan tebur yana zuwa da rasistansa a ciki, kuma karant ɗinki dole ya ratsa shi. Wato rasistan da ba ki gani ba ya fi wanda kika saka girma.

Rukaya: Innalillahi. Ashe wannan ne namu ma. Mu 33 Ω muka sa.

Masa Issaka: Salamu alaikum 'yan makaranta. Ɗan ƙanena ne ya sa ni a nan saboda aikin wayarin mota, yawanci karatu kawai nake. Amma yau kun shigo shagona. Shekaruna a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, a kan ƙafar mota suka ƙare. Lissafinku ban bi shi duka ba, amma na ji an ce tudu na farko da na biyu. Mu haka muke gwada shokazoba tun kafin a kwance shi. Ka danna kusurwar mota da ƙarfinka, ka saki. Idan ta taso ta koma ta tsaya, yana da rai. Idan ta yi ta rawa sau uku sau huɗu, man ciki ya tsiyaye. Tambayata ga injiniya ita ce: me ya sa motar da na gwada ba kaya ta tsaya lafiya, amma direba ya dawo ya ce da ya cika fasinja da kaya daga tashar Kejetia sai ta riƙa lilo a hanyar Tamale? Shokazoban bai canja ba.

Sulley: Wa alaikumus salam Kawu, sannu da aiki. Gwajin da kuke yi da hannu shi ne ainihin abin da Nafisa ta yi da janareta, danna ka saki ka ƙirga. Direban kuma gaskiya ya faɗa. Bari in sa lambobi na misali. A ce kusurwa ɗaya tana ɗauke da kilo 300, sifirin ɗinta 20,000 N/m. Za ta yi lilo wajen sau 1.3 a daƙiƙa. Ƙarfin shokazoban da zai hana lilo sam shi ne `2√(m·k)`, wajen 4,900 N·s/m. A ce wanda ke jiki 1,470 ne, to ζ ya zama 0.30. Yanzu a loda kaya kusurwar ta koma kilo 400. Abin da ake bukata ya hau zuwa wajen 5,660, shokazoba kuwa yana nan a 1,470, sai ζ ya sauko 0.26, lilon kuma ya rage sauri zuwa wajen 1.1. Shokazoba ba shi da kyau ko muni shi kaɗai, sai an auna shi da nauyin da aka ɗora masa da sifirin da ke gefensa. Idan dama ya fara gajiya, ba kaya zai ci gwajin hannu, da kaya kuma ya kasa.

Nafisa, ki lura, wannan daidai yake da ƙara L a sakit ɗinki. `ζ = (R/2)·√(C/L)`. L ya hau, ζ ya sauka, alhali rasista bai canja ba.

Masa Issaka: To wannan ya shiga. Shi ya sa masu sa ƙarin ganye a sifirin na baya don ɗaukar kaya suke dawowa da kukan mota tana tsalle.

Sulley: Ƙwarai Kawu. Ƙarin ganye ƙarin k ne, kuma k yana ƙarƙashi a `ζ = b/(2√(mk))`. A wajenmu kamar an rage C ne. Lilo ya ƙara sauri, damfin ya ragu.

Masa Issaka: Amma akwai inda zan ja da kai. Tsofaffin torotoro, motocin haya masu sifirin ganye a baya, na sha ganin wanda shokazobansa ya mutu murus, wani ma an cire shi an yar, kuma idan ka danna ba ya rawa ko kaɗan. Ya sauka ya tsaya cak. Wani lokaci ma ba ya komawa inda yake, sai ka ɗaga shi da hannu. A lissafinka ai ya kamata ya yi ta rawa har gobe.

Basit: Wannan ai damfin ne ya yi yawa. ζ ya wuce 1.

Sulley: A'a Basit, dubi abin da Kawu ya ce a ƙarshe: ba ya komawa inda yake. Abin da ζ ɗinsa ya wuce 1 yana komawa, a hankali dai, amma sai ya isa. Wanda ya maƙale a hanya wani abu ne daban, kuma a nan ne kwatancen namu ya fara yagewa.

Kalmar `b·x'` tana nufin ƙarfin da ke tare motsi yana girma da gudu, idan gudu ya yi ƙasa shi ma ya yi ƙasa. Mai da ake matsawa ta ƙaramin rami kusan haka yake, rasista ma haka yake, `v = R·i`. Amma ganyen sifirin da suka yi tsatsa suna gogar juna a bushe. Gogayyar busasshen ƙarfe kusan ƙarfi ɗaya take bayarwa ko ana gudu ko ana rarrafe, alkiblarta kawai ke juyawa. Idan turin sifirin bai kai ƙarfinta ba, komai ya tsaya a inda yake.

Ana gane su a hoto. Da mai ko rasista, kowane tudu kaso ɗaya ne na wanda ya gabace shi: 1.04, 0.30, sannan wajen 0.09. Da busasshiyar gogayya, kowane zagaye adadi ɗaya ake cirewa, `4F/k`, inda F a nan ƙarfin gogayyar ne, tudun suna sauka a miƙaƙƙen layi har su tsaya kwatsam. Babu darajar R da za ki zaɓa ta ba ki wannan.

Rukaya: To babu abin da ke yin haka a lantarki ke nan?

Sulley: Akwai mai kama da shi. Dayod biyu na silikon a haɗe gefe da gefe, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, a sa su a cikin jeren. Duk inda karant ya nufa sai ya biya wajen 0.6 zuwa 0.7 V, kusan ba ruwansu da yawansa. Kowane cikakken zagaye zai ci kusan sau huɗu na wannan daga tudun boltej na kafasita, wajen 2.6 V. Da siginar 2 V ba za ki ga komai ba, sai kin ɗaga ta zuwa 10 V ko fiye, kin kuma cire rasistan waje. A ƙarshe kafasita zai tsaya ɗan nesa da inda ya kamata, kamar torotoron Kawu. Ba daidai ɗari bisa ɗari ba ne, don dayod yana ɗan zubar da karant ko a ƙasa da 0.6 V, saboda haka a hankali zai lallaɓa ya ƙarasa.

Masa Issaka: Ƙara da wannan, injiniya. Shokazoba mai rai ma ba ƙarfi ɗaya yake da shi sama da ƙasa ba. Ka riƙe sabo a hannu, matse shi ya fi sauƙi, jawo shi ya fi wuya. Da gangan aka yi shi haka, don idan taya ta hau tudu kada ya doki bodi, amma ya riƙe sifirin lokacin dawowa.

Sulley: Gaskiya ne Kawu, kuma rasista bai san gaba da baya ba. Lissafin layi biyun nan yana riƙe ainihin siffar abin, amma mota ta gaske ta fi shi faɗi. Ban ma sa taya ba, wadda ita kanta sifirin ce da nata nauyin a ƙarƙashi. Idan aka sa ta, zagaye biyu za a zana.

Nafisa: Na dawo daga lab, mai kula da kayan ya bar ni na auna. Koyil ɗin 21 Ω a multimita. Rasistan 46.8. Idan na tara 47 da 50 da 21 na samu 118. Allo ya ce 123. Saura 5.

Basit: Asarar ƙarfen cikin koyil ce. Multimita da karant mara juyawa yake awo, ba ya ganin abin da ferait ke ci a 5 kHz. Kullum juriyar koyil a aiki ta fi ta multimita.

Sulley: Zai yiwu, kuma alkiblar ta yi daidai da abin da ka faɗa. Amma ba zan rantse a kai ba. Dubi inda 123 ta fito. Saurin lafawa `α = δ/T`, wato 1.24 a kan 202 µs, wajen 6,150 a daƙiƙa, sannan `R = 2Lα`. Mun ɗauka L daidai 10 mH ne. Irin waɗannan ƙananan koyil sau da yawa kashi 10 sama ko ƙasa ake yarje musu. Idan na Nafisa 9.6 mH ne, amsar ta zama 118 cif, ba sauran abin nema. Haka kuma tudu na biyu, idan 0.32 ne aka karanta 0.30, δ ya sauka zuwa 1.18, R ya koma wajen 117. Kaurin layin allo kaɗai ya isa ya haifar da wannan.

Basit: Amma lokacin lilon ya yi daidai da lissafi, kai da kanka ka ce L lafiya yake.

Sulley: Lokacin yana tabbatar da L sau C ne a haɗe. L ya ragu kashi 4, C ya ƙaru kashi 4, lokacin ba zai motsa ba. Na ce ba ta ɗauko kayan da ba daidai ba, ban ce an san L har kashi ɗaya ba.

Basit: Ni dai ina kan ferait. A sa koyil ɗin a mitar LCR a 1 kHz da 10 kHz, za ka ga juriyar ta hau.

Sulley: Za ta hau, tambayar ita ce ko ta kai 5 Ω. Idan akwai mitar a gwada, ni ma ina son in sani.

Rukaya: Nafisa, takardar ba ta ce ku nemo rasistan da zai kashe lilon daidai ba? Tamu ta ce.

Nafisa: Ta ce. Da na rubuta 632 Ω. Yanzu in cire 50 na janareta da 21 na koyil, ya rage 561. Akwai 560 Ω a akwatin lab.

Sulley: Shi za ki sa. Da shi boltej zai hau ya kwanta a 2 V ba tare da ya wuce ba, ko ya wuce da ɗan abin da ido ba zai gani ba. Sannan ki gwada 2.2 kΩ ki gani. Mutane suna zaton ƙarin juriya ƙarin saurin kwanciya ne, amma da zarar an wuce 632 sai abin ya koma jan ƙafa. A 2.2 kΩ indakta ya kusa fita daga maganar, sakit ɗin ya zama kamar RC mai `τ` wajen 230 µs, zai ɗauki fiye da 1 ms kafin ya isa. Da 560 kuwa cikin wajen 200 µs ya gama. Ki ɗauki hoton ukun a sikeli ɗaya na lokaci, 47 da 560 da 2.2 k, ki jera su a rahoton.

Masa Issaka: Wannan na ƙarshen mun san shi. Shokazoban babbar mota a jikin ƙarama. Ba ta rawa, amma duk ramin hanya a bayanka yake sauka.

Nafisa: Na gode Kawu, na gode Yaya Sulley. Gobe da safe zan gwada 560 da 2.2 k. Basit, mai kula da lab ya ce akwai mitar LCR a ɗakin 'yan shekara ta huɗu, amma sai malami ya sa hannu. Idan na samu zan turo L da juriyar koyil ɗin a 1 kHz da 10 kHz.

Basit: Ki auna kafasitan ma tunda kina wurin.